Yadda ake neman takardar shaida daga abokin aiki, da yadda za ka taimaka masa ya rubuta abin da zai yi maka amfani

Wanda yake zaune yana tantance masu neman aiki bai san ka ba. Abin da ke gabansa takardu ne, kuma kusan dukkansu kai ka rubuta su da hannunka: tarihin karatunka da aikinka, wasiƙar neman aikin, amsoshin da ka cike a fom. Takarda ɗaya ce kawai a cikin tarin ta fito daga bakin wani, ita ce takardar shaida. Shi ya sa ake karanta ta da wani ido daban. Ana so a ji daga wanda ya gan ka a bakin aiki, ranar da abubuwa suka tafi daidai da ranar da suka rikice.

Abokin aikinka shaida ne, kuma shaida ba ya faɗin abin da bai gani ba. Aikinka a wannan sha'ani shi ne ka tuna masa abin da ya gani, ka nuna masa wanne ne daga ciki masu karatun ke buƙata. Hukuncin kuwa nasa ne. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan rabon aiki suka tsaya.

Domin maganar ta zauna, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wata ma'aikaciya ce a sashen kula da kaya na wani kamfani, ta shekara 4 tana riƙe da lissafin abin da ya shiga sito da abin da ya fita. Ta ga tallar gurbin shugabar sashe a wani wuri, inda za ta jagoranci mutum 6. An nemi shaidu biyu, kuma saura mako 5 a rufe karɓar takardu.

Fara da karanta abin da aka nema

Kafin ka tunkari kowa, koma kan tallar ka duba abu uku. Shin sun yarda abokin aiki ya yi shaida, ko sun ce lallai sai wanda ya shugabance ka? Wasiƙa suke so, ko fom ne za su aika wa mutumin ya cike, ko kuwa kiransa za su yi a waya? Sannan wa zai aika: kai za ka haɗa da takardunka, ko shi zai tura musu kai tsaye? Idan neman karatu ne, makarantu da yawa suna so aƙalla shaida ɗaya ta fito daga malamin da ya koyar da kai, don haka abokin aiki zai cike gurbi ne na biyu ko na uku. Abin takaici ne mutum ya wahalar da abokinsa ya rubuta wasiƙa mai kyau, daga baya a ce ba irinta ake karɓa ba.

Akwai kuma abin da za ka bincika a wurin aikinka. Wasu ma'aikatu ba sa barin ma'aikaci ya ba da shaida da sunan kamfani. Ofishin kula da ma'aikata ne kaɗai ke tabbatar da muƙami da ranar kama aiki. A irin wannan wuri abokinka zai iya rubutawa a matsayin kansa, ba a kan takarda mai tambarin kamfani ba, kuma ya faɗi haka a fili. Kada ka jefa shi cikin matsala saboda ya yi maka alheri.

Ma'aikaciyar tamu ta duba, ta ga an yarda da shugaba ɗaya da abokin aiki ɗaya, kuma kowanne zai tura wasiƙarsa ta hanyar da za a aiko masa a imel. Ta kuma ja layi a ƙarƙashin abu uku da tallar ta maimaita: iya gano matsala a lissafi, iya horar da sababbi, da iya aiki da wasu sassa.

Wa za ka tambaya

A nan mutane ke yawan kuskure. Wani zai nufi wanda ya fi kowa muƙami a ofis, alhali gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Wani kuma zai nufi babban amininsa, wanda suke hira kullum amma ba su taɓa yin aiki ɗaya tare ba. Na farko zai rubuta layi huɗu na yabo marasa gishiri. Na biyu zai yabi halinka, amma da an tambaye shi yadda kake gudanar da aiki sai ya rasa ta cewa.

Gwajin da nake ba mutane shawara su yi mai sauƙi ne. Ka tambayi kanka: idan aka tashi mutumin nan ba shiri aka ce ya ba da labarin abu biyu da na yi a wurin aiki, zai iya? Idan zai iya, shi ne naka. Sai ka ƙara da tambaya ta biyu: yana cika alkawari a kan lokaci? Mutumin kirki da ya saba jinkirta rahoto zai jinkirta wasiƙarka ma.

Ita ma'aikaciyar ta zaɓi wani akanta a sashen kuɗi, wanda ya girme ta a aiki amma ba shugabanta ba ne. Shekara 3 suna haɗuwa duk ƙarshen wata suna daidaita lissafin sito da na kuɗi. Ya ga abu biyu daga cikin ukun da tallar ke nema da idonsa. Na ukun, wato horar da sababbi, shugabarta ce ta fi saninsa, sai ta bar mata shi. Wannan rabo yana da muhimmanci: idan shaidu biyu suka ba da labari iri ɗaya, ka yi asarar wasiƙa guda.

Abu ɗaya kuma da ba za a tsallake ba: idan wurin aikinka ba su san kana neman wani aiki ba, to duk wanda ka tambaya ka ba shi sirrinka ne. Ka zaɓi mai riƙe baki, kuma ka gaya masa ƙarara cewa maganar tsakaninku ce.

Yadda ake tambayar

Ka tambaya da wuri. Mako 4 zuwa 6 ya wadatar; ƙasa da mako 2 kuwa takura ce, kuma idan dole ta sa ka yi hakan, ka fara da ba da haƙuri. Ya fi kyau a fara da baki, a keɓe, ko ta waya, sannan a bi da saƙo a rubuce. Kada a yi a gaban jama'a, domin kunya za ta sa ya amsa ko da ba ya so.

Lafazin tambayar yana da tasiri sosai. Idan ka ce “Za ka rubuta mini takardar shaida?” kusan kowa zai ce to, har wanda ba shi da abin faɗa. Abin da kake so ka sani shi ne ko zai iya rubuta mai ƙarfi. Don haka ka buɗe masa ƙofar fita. Ga yadda ita ta faɗa:

“Yaya, akwai wata alfarma da nake nema, kuma don Allah ta tsaya tsakaninmu. Ina neman gurbin shugabar sashen kaya a wani wuri, suna so a samu wanda ya yi aiki da ni ya rubuta musu shaida kafin ƙarshen watan gobe. Kai ka fara zuwa mini a rai saboda aikin rufe lissafi da muke yi tare. Kana ganin ka san aikina sosai har za ka iya rubuta mini mai ƙarfi? Idan lokaci bai ba ka dama ba, ko kana ganin wani zai fi dacewa, wallahi ba komai, gaya mini kawai.”

Daga nan sai ka kasa kunne. “Me zai hana, ai ina tuna lokacin da kika gano matsalar nan” amsa ce mai kyau, tun da har ya fara kawo misali da kansa. Amma “To, bari mu gani,” ko “Ban san me zan ce ba, amma zan gwada,” ƙi ne cikin ladabi. Ka gode masa, ka nemi wani. Wasiƙa mai sanyi ta fi rashin wasiƙa illa, domin ba za ka gan ta ba balle ka gyara, mai karatu kuma yana gane sanyin tun daga layin farko.

Shafi ɗaya da za ka ba shi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Mutumin ya amsa da zuciya ɗaya, amma yana da nasa aikin, kuma ya manta rabin abin da kake tunawa. Idan ka bar shi haka, zai zauna daren ƙarshe ya rubuta cewa kai mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai zaman lafiya da kowa. Duk gaskiya ne, sai dai haka aka rubuta wa kowane mai nema.

Cikin kwana ɗaya ko biyu da amsawarsa, ka tura masa tallar aikin, da takardar tarihin aikinka, da shafi ɗaya tak da ka shirya dominsa. A saman shafin ka sa abubuwan da ba sa buƙatar tunani: cikakken sunanka yadda yake a takardun neman, sunan gurbin, wanda za a rubuta wa, ranar rufewa, hanyar aikawa, da tsawon da ake so. Idan ba a ƙayyade tsawo ba, shafi ɗaya ya isa. Ka ƙara da shekarun da kuka yi aiki tare da matsayin kowannenku a lokacin, domin da wannan wasiƙa ke buɗewa, kuma mutane suna rikita shekaru.

Sai abubuwan da suka faru. Biyu ko uku, kada su wuce haka. Kowanne ka rubuta shi da sassa huɗu: menene matsalar, me kai ka yi, me ya biyo baya, kuma ta yaya shi ya gani. Sashe na huɗun ne ake mantawa, alhali shi ke bambanta shaida da jita-jita. Ga na farko a shafinta:

“A shekarata ta biyu, lissafin sito da na kuɗi sun yi wata 3 suna saɓawa. Na bi takardun shiga da fita ɗaya bayan ɗaya, na gano cewa kayan da masu saye suka dawo da su ana shigar da su sau biyu, sau ɗaya a ƙofar sito, sau ɗaya a ofis. Na kawo shawarar a mayar da shigarwar wuri guda. Bayan haka rufe lissafin wata ya sauko daga kwana 9 zuwa kwana 4. Kai ne ka duba gyaran kafin a kai wa manaja.”

Dubi abin da babu a ciki. Ba ta ce ita haziƙa ce ba, ba ta ce tana da basira ba. Ta kawo abin da ya faru, ta bar masa ya sanya wa abin suna. Dubi kuma yadda ta ce “na bi”, “na gano”, “na kawo shawara”. Yawancinmu mun saba da cewa “mun yi”, saboda kawaici, kuma hali ne mai kyau. Amma a wannan shafi dole ka ware naka kason daga na jama'a, iya gwargwadonsa, ba ƙari ba ragi. Idan ku uku kuka yi aikin, ka ce ku uku ne, sannan ka faɗi ɓangaren da ka riƙe.

Misalinta na biyu ya shafi aiki da wasu sassa. Akwai lokacin da sashen saye da sashen sito suka yi ta ɗora wa juna laifin jinkirin kaya. Ita ta shirya zaman minti 15 kowace Litinin inda ake duba odar da ba ta iso ba, kuma akantan yana halarta. A gefen kowane misali ta rubuta wanne daga cikin buƙatun tallar ya amsa, domin kada ya sha wahalar haɗawa.

Lambobi suna ƙara wa shaida nauyi, amma sai waɗanda shi zai iya tsayawa a kansu idan an kira shi. Idan ba ka tabbata kwana 4 ne ko 5 ba, ka duba tsofaffin rahotanni, ko ka ce “kusan rabi”. Kuma ka kiyaye sirrin kamfani: sunayen abokan ciniki da adadin kuɗin da ba a bayyana wa jama'a ba kada su shiga. Kwanakin da aka rage sun isa su nuna aikin.

A ƙasan shafin ta rubuta layi biyu: “Waɗannan tunatarwa ce kawai. Ka ɗauki wanda ka yarda da shi, ka bar wanda ba ka tuna ba, ka ƙara abin da ka gani wanda ni ban lura ba.” Wannan ba ado ba ne. Sau da yawa abin da ya fi ƙarfi a wasiƙa shi ne wanda mai shaida ya kawo daga kansa.

Akwai wani roƙo da nake ganin ya dace, musamman ga mata. A 2003 Frances Trix da Carolyn Psenka sun buga nazarin wasiƙun shaida sama da 300 da aka rubuta wa masu neman aikin koyarwa a wata makarantar likitanci a Amurka. Sun ga cewa na mata sun fi zama gajeru, sun fi ɗauke da kalmomin da ke jefa shakku, kuma an fi yabon su da himma da haƙurin aiki maimakon abin da suka cim ma. Mai rubutu yakan yi haka ba da mugun nufi ba. Maganinsa a hannunka yake: ka ce masa, “Gurbin na shugabanci ne, don haka zai fi amfani a jaddada shawarar da na yanke da sakamakonta, fiye da zuwa aiki da wuri.” Wannan jagora ce halattacciya, domin ba ka sa shi faɗin ƙarya ba, ka nuna masa inda zai haska ne.

To ina iyakar? Za ka iya cewa ya mayar da hankali kan wannan, ya bar wancan ga wani shaidan. Za ka iya roƙonsa kada ya taɓo lafiyarka, aurenka, shekarunka ko addininka, tun da ba su shafi aikin ba. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka sa ya ce shi shugabanka ne alhali ba haka ba, ko ya ba da shaidar aikin da bai gani ba. Kiran waya ɗaya zai tona wannan, kuma mutuncin ku biyu ne zai zube.

Idan akwai tabo a tarihinka da ka san za a tambaya, kamar aikin da ya lalace a hannunka ko shekarar da ba ka yi aiki ba, gara ku tattauna tun yanzu. Fom da yawa suna da gurbin “ina yake buƙatar gyara”. Ita ta gaya wa akantan da kanta cewa a da tana riƙe aiki ita kaɗai ba ta raba wa wasu, kuma ta fara gyarawa tun da aka ba ta sababbi biyu. Da aka zo gurbin, yana da amsa ta gaskiya wadda ba ta rusa ta.

Idan ya ce “rubuta ki kawo in sa hannu”

Wannan yana faruwa sosai. Da farko ka duba ƙa'idar masu karɓa, domin wasu, musamman makarantu, sun hana mai nema shiga cikin rubuta wasiƙar, har sukan sa mai shaida ya tabbatar shi ya rubuta. Idan haka ne, babu zancen. Ko da ba a hana ba, ni ina ganin akwai hanyar da ta fi. Wasiƙar da ka rubuta wa kanka tana fitowa da muryarka, kuma wanda ya karanta wasiƙar neman aikinka minti biyu da suka wuce zai ji kamannin. Ga shi kuma mutum ba ya iya yabon kansa daidai: ko ya yi ƙasa-ƙasa, ko ya zarce.

Ka ce masa ku zauna minti 20. Ka yi masa tambayoyi: me kake tunawa game da aikin nan? Da za a tambaye ka abin da na fi sauran waɗanda ka yi aiki da su, me za ka ce? Ka rubuta amsoshinsa da kalmominsa, ka tura masa a matsayin ƙashin baya, shi ya gina jimlolin. Yawanci abin da ke tsorata shi farar takarda ce, da ya ga maganarsa a rubuce sai aikin ya yi sauƙi.

Aikawa da bibiya

Idan ta fom ake turawa, ka tambaye shi adireshin imel da yake so ka sa. Masu karɓa da yawa sun fi amincewa da na wurin aiki. Da zarar ka shigar da sunansa, ka sanar da shi a ranar, ka ce ya duba har cikin `Spam`, domin saƙon da na'ura ke aikawa yakan faɗa can. Idan makarantar Amurka ce, za ka ga tambaya ko ka yafe haƙƙinka na ganin wasiƙar, haƙƙin da dokar FERPA ta 1974 ta ba ɗalibai. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a yafe, domin masu karatu sun fi yarda da wasiƙar da aka rubuta a sirrance. Idan kana jin tsoron yafewa, wataƙila ba ka natsu da wanda ka zaɓa ba ne.

Ka ba shi ranar da ta riga ta gaskiya da kwana 3 ko 4, kuma ka faɗa masa dalili: kana so a samu sarari ko da na'ura ta ba da matsala. Tunatarwa biyu sun isa, ɗaya saura kwana 10, ɗaya saura kwana 3. Ita ta rubuta: “Yaya, barka da aiki. Ina tuna maka ne da takardar nan, ranar Alhamis muke so ta shiga. Idan akwai bayanin da kake buƙata, ina nan.” Idan tunatarwa ta farko ta wuce shiru, kuma ka same shi ido da ido yana kauce wa zancen, to ka tayar da na ajiya. Saboda haka ne yake da kyau tun farko ka san mutum na uku da za ka iya nema.

Idan kira za a yi maimakon wasiƙa, shafin nan ɗaya shi ne dai zai yi aiki. Ka sanar da shi da zarar ka fito daga intabiyu cewa kira na iya zuwa cikin kwanakin nan, ka faɗa masa sunan wurin domin kada ya ƙi ɗaukar baƙuwar lamba, ka kuma gaya masa abin da aka fi matsa maka da tambaya a kai.

Ranar da wasiƙar ta shiga, ka gode masa a ranar, kada ka jira sakamako. Idan sakamakon ya fito, ko an dace ko ba a dace ba, ya ji daga bakinka kafin ya ji a wurin wasu. Kuma idan wata uku nan gaba ka ga wani gurbin, kada ka sake sa sunansa sai ka tambaye shi, ka kuma gyara shafin ya dace da sabuwar tallar, domin misalin rufe lissafi da ya yi aiki a gurbin shugabar sashen kaya ba lallai ya zama shi ne na gaba ba a gurbin da ya fi son horar da ma'aikata.